Lamba Biyu da Rajista Biyu: Tsarin Ƙaramin Laburaren Makaranta

Ƙaramin laburaren makaranta, irin wanda littattafansa ba su wuce ɗari biyar zuwa dubu ba, yana tsayuwa ne a kan lamba biyu da rajista biyu. Lamba ta farko ita ce lambar shiga, wadda ake ba kowane kwafin littafi shi kaɗai ranar da ya shigo makaranta. Ta biyu ita ce lambar fanni, wadda ke nuna wurin zaman littafin a kan kanta. Rajista ta farko ita ce ta shigowar littattafai, ta biyu kuma ta aro. Da waɗannan huɗu malami ɗaya zai iya amsa tambayoyin da ake yi wa mai kula da laburare kullum: me ake da shi, ina yake, kuma idan ba ya nan yana hannun wa. Kayan aikin ba su da yawa: manyan rajistoci biyu masu bangon kwali, hatimin makaranta da tawadarsa, rula, biro, fensir, farar takarda mai gam da salatif mai faɗi.

Domin bayanin ya fito fili, a ɗauki misalin wata ƙaramar sakandare mai littattafai 612 jibge a kwalaye a ofishin shugaban makaranta, wasu an saya, wasu kyauta ce daga tsofaffin ɗalibai, an kuma ɗora wa malami ɗaya alhakin tsara su.

Tacewa kafin rubutu

Kafin a rubuta ko da lamba ɗaya, sai a fito da littattafan gaba ɗaya a baje su a kan tebura ko tabarmi, a kakkaɓe ƙura, a duba kowanne. Wanda gara ta ci, ko ruwan damina ya jiƙa har shafukansa suka manne, ko aka yage masa babi sukutum, a ware shi gefe, kada ya shiga rajista. Littafin da ke da gara ko ƙwari a ciki ba ya zama kusa da masu lafiya, domin ɓarnar tana yaɗuwa daga kanta zuwa kanta. Haka ma littafin da ba shi da mai karanta shi a makarantar, kamar babban kundin aikin likita na jami'a da aka haɗo cikin kyauta, ya fi kyau a miƙa shi inda zai yi amfani. Duk littafin da aka shigar a rajista ya zama dukiyar da za a riƙa ƙirgawa kowace shekara, shi ya sa ake tacewa tun daga farko.

Waɗanda suka rage sai a kasa su kashi uku. Kashi na farko shi ne littattafan aro na yau da kullum. Na biyu shi ne na dubawa a cikin ɗaki kawai, wato ƙamus, kundin taswira da makamantansu, waɗanda ba a fita da su. Na uku shi ne littattafan darasi masu kwafi da yawa, kamar littafin lissafi guda arba'in na aji ɗaya, waɗanda ake raba wa ɗalibai na tsawon zango.

Rajistar shigowa da lambar shiga

A buɗe rajistar farko a haɗa shafin hagu da na dama, a ja layi daga sama zuwa ƙasa a raba su gida tara: lambar shiga, ranar shigowa, sunan marubuci, sunan littafi, kamfanin da ya buga da shekarar bugu, inda littafin ya fito (saye ko kyauta), kuɗinsa, lambar fanni, sai gidan ƙarin bayani. Kowane layi na kwance kwafi ɗaya ne. Ana farawa daga 0001 a ci gaba a jere, ba tare da la'akari da fannin littafin ba. Littafin noma yana iya zama 0146, na tatsuniya ya biyo shi a 0147.

Ƙa'idar da ke riƙe da wannan rajista ita ce kowane kwafi da lambarsa. Idan makaranta tana da kwafi biyu na Magana Jari Ce littafi na ɗaya, na Abubakar Imam, ɗaya zai zama 0147, ɗayan 0148. Littafi na biyu da na uku su ma kowanne da tasa. Kwafi arba'in na littafin lissafi za su ci layi arba'in, kodayake ana iya rubuta suna da marubuci a layin farko kawai, a sa alamar maimaici a sauran. Ƙa'ida ta biyu ita ce lamba ba ta gado. Idan 0147 ya ɓata ko ya lalace, a ja masa layi da jan biro yadda rubutun zai ci gaba da karantuwa, a rubuta dalili da rana a gidan ƙarin bayani, shugaban makaranta ya sa hannu. Kwafin da aka sayo a madadinsa sabuwar lamba zai samu a ƙarshen jeri. Da zarar an ba sabon littafi lambar tsohon, ranar da tsohon ya sake ɓullowa za a sami littafi biyu da lamba ɗaya, kuma daga nan rajistar aro ta fara ƙarya.

Ana rubuta lambar shiga a jikin littafin da biro, a wuri biyu: bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi, da kuma wani shafi na ciki da makarantar ta zaɓa ta tsaya a kansa, misali shafi na 21 a kowane littafi. A duka wuraren biyu ana buga hatimin makaranta. Amfanin shafin ciki shi ne, wanda ya yage shafin farko don ɓatar da shaida ba kasafai yake tunawa da na ciki ba, kuma idan bango ya fita, lambar ba ta tafi da shi ba. Littattafan Larabci da na ajami daga dama ake buɗe su, saboda haka shafin sunansu yana ɓangaren da mai karatun boko yake ɗauka a matsayin ƙarshe, kuma a can ake buga hatimin.

Lambar fanni

Tsarin da ya fi yaɗuwa a laburaren makarantu shi ne na Dewey, wanda wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fara wallafawa a 1876. Ya kasa ilimi gida goma, kowane gida da lambobi ɗari:

000 ilimi na gama-gari da na kwamfuta
100 falsafa da nazarin halayyar ɗan Adam
200 addini
300 zamantakewa, mulki, tattalin arziki, shari'a da ilimin koyarwa
400 harsuna
500 kimiyya da lissafi
600 fasaha da sana'o'i, har da kiwon lafiya da noma
700 zane, kiɗa da wasanni
800 adabi
900 tarihi da labarin ƙasa

Kowane gida yana sake rabuwa goma. A cikin 500, lissafi yana 510, fiziks 530, kemistiri 540, bayoloji 570. A cikin 600, kiwon lafiya yana 610, noma 630. Turanci yana 420, Faransanci 440, labarin ƙasa 910, tarihin Afirka 960. Cikakken tsarin kundi ne mai kauri, lambobinsa kuma suna iya tsawo sosai bayan ɗigo, amma makaranta mai littattafai ɗari shida ba ta bukatar wannan zurfin. Lambobi uku na farko sun isa a kusan kowane fanni. Ma'aunin da ake bi shi ne yawan littattafai: idan waɗanda ke ƙarƙashin lamba ɗaya ba su cika kanta guda ba, ido zai iya gano wanda ake nema, babu dalilin ƙara rabawa.

Akwai wurare kaɗan da makarantar ƙasar Hausa za ta bukaci abin da ke bayan ɗigo, domin tsarin ya taso ne a Amurka ta ƙarni na 19, ya ba abubuwan can fili mai faɗi, ya matse na nan a lungu. Harshen Hausa yana 493.72, adabin Hausa yana 893.72, harshen Larabci yana 492.7. Tarihin Najeriya yana 966.9, na Nijar 966.26. A gidan addini, lambobi daga 220 zuwa 280 na Baibul ne da addinin Kirista, Musulunci kuwa gaba ɗayansa yana 297. Makarantar da ke da littattafan Musulunci tamanin za ta ga duk sun cunkushe a lamba ɗaya. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara harafi bayan lambar: 297 Ƙ don Alƙur'ani da tafsiri, 297 H don hadisi, 297 F don fiƙihu irin su Ahalari da Iziyya, 297 T don tarihin Annabi da sahabbai. Wannan ƙari na gida ne, ba ya cikin tsarin Dewey, don haka dole a rubuta shi a shafin farko na rajistar shigowa, domin malamin da zai gaji aikin ya tarar da shi. Mus'hafi kuma a kanta ta sama ake ajiye shi bisa al'ada, ko da jerin lambobi ya faɗo a ta ƙasa, sai a manna 'yar takarda a gurbinsa mai nuna inda yake.

Wajen zaɓar lamba, abin da littafi ya ƙunsa ake dubawa. Sunan littafi yana iya ruɗarwa: Ruwan Bagaja labari ne, ba shi da alaƙa da ilimin ruwa, haka Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ba littafin abinci ba ne. Sai a buɗe jerin abubuwan da ke ciki, a karanta gabatarwa, sannan a yanke. Idan littafi ya haɗa fanni biyu, a ba shi lambar wanda ya fi yawa a cikinsa. Idan sun yi daidai, a sa shi inda ɗalibai za su fi nemansa. Kowane irin hukunci da aka yanke a rubuta shi a jerin fannoni, misali "kiwon kaji: 630", domin kada bana a sa littafin kaji a noma, baɗi a sa ɗan'uwansa a bayoloji.

Littattafan labari ana cire su daga gidan 800 a ba su kanta tasu, saboda su aka fi ara, kuma ɗalibi ba ya neman labari da lamba. Ana sa musu harafi kawai: LH don labaran Hausa, LT don na Turanci. Waƙa da wasan kwaikwayo da nazarin adabi su ne ke zama a 800, na Hausa a 893.72.

Alamar ƙeya da jeri a kanta

A ƙarƙashin lambar fanni ana rubuta haruffa uku na farkon sunan marubuci na ƙarshe. Magana Jari Ce zai zama LH a sama, IMA a ƙasa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zai zama LH da ƁAL. Things Fall Apart na Chinua Achebe zai zama LT da ACH. Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu, da yake waƙoƙi ne, zai zama 893.72 da ALI. Ba a lissafa laƙabi irin su Alhaji, Malam, Shehu, Hajiya ko Dakta, in ba haka ba rabin kanta zai taru a harafin A da M. Haruffa masu ƙugiya suna bin 'yan'uwansu a jeri: Ɓ bayan B, Ɗ bayan D, Ƙ bayan K. Littafin da ba shi da marubuci ɗaya, kamar wanda wata hukuma ta shirya, ana ɗaukar haruffa ukun daga sunan littafin.

Ana rubuta waɗannan a 'yar farar takarda, a manna a ƙeyar littafi, kimanin santimita uku daga ƙasa, a rufe da salatif mai faɗi wanda zai naɗo zuwa bango gaba da baya. Idan kowace alama tana tsayi ɗaya, duk za su yi layi a kan kanta, wanda ya ɓata wuri kuma zai fito fili. Takardar da ba a rufe da salatif ba tana ɓamɓarewa da zarar iskar hunturu ta busar da gam. Littattafan yara da ƙananan littattafan Hausa da yawa sirara ne, ba su da ƙeyar da za ta ɗauki rubutu. Irin waɗannan a bangon gaba ake manna musu alama, a kusurwar da ke kusa da ɗinki, a jera su a tsaye cikin kwali da aka yanke wa baki, a rubuta fannin a jikin kwalin. Littattafan dubawa a ɗaki ana ƙara musu jan ɗigo a saman alamar, wanda ke nufin ba a fita da su. A makarantar firamare ana iya ba kowane gida launinsa, domin yaron da bai iya jeranta lamba ba ya gane kore na kimiyya ne, shuɗi na labari.

Jeri yana farawa daga kanta ta sama, hagu zuwa dama, a sauko ta ƙasa, sai an gama kabad ɗaya a koma na gaba. Lambobin da ke bayan ɗigo ana karanta su ɗaya bayan ɗaya ne, kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus. Shi ya sa 966.26 ke zuwa kafin 966.9, domin 2 ya riga 9, kodayake a ƙirge 26 ya fi 9 yawa. Wannan shi ne kuskuren da ɗalibai masu taimakawa suka fi yi. Kanta mai tsawon santimita 90 tana ɗaukar littattafai masu matsakaicin kauri kusan talatin, saboda haka littattafai ɗari shida suna bukatar kanta ashirin ko fiye kaɗan, wato kabad huɗu zuwa biyar masu hawa biyar. A bar kusan rubu'in kowace kanta babu komai domin sababbin littattafai. Kabad ɗin kada ya jingina da bango, kanta ta ƙasa kuma ta ɗaga daga daɓe, domin a riƙa ganin hanyar gara tun tana farawa.

Daga ƙarshe a rubuta jerin fannoni da manyan baƙaƙe a kwali, a bi tsarin a, b, c, a kafa a bango: Bayoloji 570, Hausa 493.72, Lissafi 510, Noma 630, har ƙarshe. A ɗakin da bai wuce kabad biyar ba, wannan kwali yana yin mafi yawan aikin da katunan nema suke yi a babban laburare.

Rajistar aro

Rajista ta biyu ita ma gida tara ce: ranar ɗauka, sunan mai aro, ajinsa, lambar shiga, sunan littafi, ranar da ya kamata ya dawo, sa hannun mai aro, ranar da ya dawo, da sa hannun wanda ya karɓa. Gida mafi muhimmanci shi ne na lambar shiga. Lambar fanni ba ta da aiki a nan, domin littattafai talatin suna iya zama 510, amma 0233 guda ɗaya ne a duk makarantar. Sunan mai aro a rubuta shi cikakke tare da aji, kuma inda makaranta ke ba ɗalibai lamba a haɗa da ita, saboda a aji ɗaya ana iya samun ɗalibai uku masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya.

Akwai hanya uku ta tsara shafukan. Ta farko ita ce a bi rana: duk wanda ya zo a rubuta shi a layi na gaba. Tana da sauri wajen bayarwa, kuma waɗanda suka makara suna bayyana da kansu, domin su ne layukan baya da gidan dawowarsu yake fanko. Wahalarta tana wajen karɓa, lokacin da za a nemo layin. Ta biyu ita ce kowane ɗalibi da shafinsa. Wannan tana nuna abin da yaro ya karanta a shekara, tana kuma hana shi ɗaukar na biyu kafin ya dawo da na farko, amma a makaranta mai ɗalibai ɗari huɗu za ta ci rajista da yawa, kuma gano masu makara sai an bi shafi ɗari huɗu. Ta uku, wadda ta fi dacewa da ƙaramar makaranta, ita ce a raba rajistar aji-aji, kowane aji da shafukansa, a cikin ajin kuma a bi rana. Idan an ware wa kowane aji ranar zuwansa laburare, layukan kowane mako za su taru wuri ɗaya.

Abin da ke sauƙaƙa karɓa shi ne takardar kwanan wata. Ana manna rabin shafin takarda a cikin bangon baya na kowane littafin aro, da gam a gefen sama kawai. Duk lokacin da aka ba da littafin, a rubuta ranar dawowa a kanta. Ɗalibi yana ganin ranar ba sai ya tambaya ba, mai karɓa kuma da ya ga ranar ya san shafin da zai buɗe. Bayan shekara biyu takardar tana ba da wani labarin: wadda ta cika da kwanan wata tana nuna littafin da ya kamata a ƙaro kwafinsa, wadda take fara fat kuma tana nuna wanda ke cin wuri.

Dokokin aro su zama kaɗan, a rubuta su a bango: littafi ɗaya ga ɗalibi a lokaci guda, mako biyu, sabuntawa sau ɗaya idan babu mai jira, kuma sai an zo da littafin a hannu ake sabuntawa. Ana daina bayar da aro mako biyu kafin ƙarshen zango domin komai ya dawo kafin hutu. Malamai ma suna sa hannu, a shafukan da aka ware musu a ƙarshen rajistar. Littafin da malami ya ɗauka yana cewa yanzu zai dawo da shi, ba tare da an rubuta ba, shi ne ya fi daɗewa a waje, kuma idan aka yi wa malamin canjin wurin aiki babu abin da za a nuna. Littattafan darasi da ake rabawa na zango guda suna da tasu takardar daban, jerin sunayen aji da lambar shigar kwafin da kowa ya karɓa, a hannun malamin aji, domin kada su cika rajistar aro da layukan da za su zauna a buɗe wata uku.

Misali daga ɗauka zuwa dawowa

A ce ranar Talata 3 ga wata wata ɗaliba 'yar aji biyu ta ɗauki Magana Jari Ce littafi na ɗaya. Mai kula da laburare ya buɗe bayan shafin suna ya ga 0147, ya buɗe shafin aji biyu ya rubuta rana, suna, aji, 0147, sunan littafi, da ranar dawowa, Talata 17 ga wata. Ta sa hannu, ya rubuta 17 a takardar bangon baya. A ranar kuma ƙawarta ta ɗauki ɗaya kwafin, 0148.

Ranar 17 ɗalibar farko ta kawo littafi. Suna ya yi daidai, bango ya yi daidai, amma da aka buɗe sai ga 0148. Da sunan littafi kawai ake rubutawa, da an soke layinta an sallame ta, ƙawar kuma a bi ta bashin littafin da ya riga ya dawo. Da yake lamba ake bi, sai a rufe layin 0148, a bar na 0147 a buɗe, a kira su biyun. Galibi musanya aka yi a aji ba da sani ba, ɗaya kwafin yana jakar ƙawar. Wani lokaci kuma wadda ta ɓatar da nata ce ta ɗauko na wata don ta rufa wa kanta asiri. Ko wanne ne, lambar ta raba gardama. Saboda haka ba a sa hannu a gidan karɓa sai an buɗe littafi an haɗa lambarsa da ta rajista, an kuma duba shafukansa sama-sama. Bayan haka littafin ya shiga kwandon waɗanda suka dawo, mai kula ko ɗaliban da aka koya wa jeri su mayar da shi kanta. Ba a barin mai aro ya mayar da kansa.

Masu makara da littafin da ya ɓata

Sau ɗaya a mako, a rana tsayayya, a bi layukan da wa'adinsu ya wuce, a kwafe sunayen a takarda a ba malamin kowane aji. Tunatarwa a makon farko tana dawo da mafi yawan littattafai, domin har lokacin suna cikin jaka ko ƙarƙashin matashi. Idan aka bari wata biyu, littafin ya riga ya wuce hannun ƙane, ya tafi gidan maƙwabta. Tarar kuɗi tana da illa a ƙaramar makaranta: yaron da ba shi da abin biya yakan ƙi dawo da littafin sam, malamin kuma ya shiga riƙon kuɗin da sai an yi masa lissafi. Dakatar da aro har sai an dawo da na hannu ya fi aiki. Idan littafi ya ɓata tabbas, a sanar da iyaye ta hannun shugaban makaranta, a nemi su kawo wani kwafin maimakon kuɗi, a soke tsohuwar lamba, sabon ya shiga da sabuwa.

Ƙidayar shekara

A ƙarshen zango na uku ana rufe laburare kwana biyu a yi ƙidaya. Mutum ɗaya yana ɗauko littattafai daga kanta yana kiran lambar shiga, ɗaya yana sa alama da fensir a rajistar shigowa. Sannan a sa wa waɗanda ke hannun masu aro alama daga rajistar aro, a sa wa waɗanda ke jiran gyara. Lambar da ta rage babu alama ita ce ta ɓata. A makarantar misali, rajista ta kai 612, an soke 14 a cikin shekara, saura 598. An tarar da 541 a kanta, 38 ba su dawo daga aro ba, 9 suna wurin gyara, jimla 588. Littattafai 10 ke nan ba a san inda suke ba. Ba a soke su nan take. A rubuta musu shekarar da fensir, a jira ƙidaya ta gaba, domin wasu suna fitowa daga bayan kabad ko durowar ofishin malamai.

Yanayin ɓatan yana nuna inda matsalar take. Idan goman duk labaran Hausa ne, fita ake yi da su ba a rubuta ba, sai a matso da kantarsu kusa da teburin mai kula, a kuma sa a ajiye jaka a bakin ƙofa. Idan lambobin a jere suke, kamar 0301 zuwa 0310, mai yiwuwa wani malami ne ya kwashi saiti zuwa aji. Idan kuwa aka tarar da littafi a kanta alhali layinsa a buɗe yake a rajistar aro, karɓa ake yi ba a sa hannu, kuma ana iya zargin ɗalibi a banza. Littafin da ke kanta ba shi da lamba kwata-kwata shaida ce cewa ana jera sababbi kafin a shigar da su.

Wannan tsari na takarda yana ɗaukar laburaren da malami ɗaya ke buɗewa 'yan sa'o'i a mako, mai littattafai har dubu ɗaya ko biyu. Idan aro ya yi yawa har ɗalibai suna layi ana rubuta suna ɗaya bayan ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa, lokaci ya yi da za a koma tsarin kati, inda kowane littafi yake da katinsa da ake cirewa idan an are shi, ko kuma a koma kwamfuta. Dukansu biyu a kan lambar shiga da lambar fanni suke ginuwa, saboda haka makarantar da ta riƙe rajistar shigowarta daidai kwafewa kawai za ta yi, ba sai ta sake lambar ko littafi ɗaya ba.